Yadda lissafin ƴaƴa ya juya mana jerin sallama

Ni ke riƙe da sha'anin ma'aikata a wani kamfanin dakon kaya a nan Yamai. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, motocinmu da ke zuwa Kwatano suka koma zaman garaji. Muna da direbobi 14, amma kamyo 9 kawai ke samun lodi. Alhaji ya haƙura wata bakwai yana biyan albashi, sannan ya kira ni biro ya miƙo mini takarda mai sunaye biyar na waɗanda za a sallama. Da na duba, duk waɗanda suka taɓa yi masa gardama ne.

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, wannan takarda kotun ma'aikata za ta kai mu." Dokar aiki ta 2012 ta tsara hanyar rage ma'aikata saboda karayar kasuwa. Sai an tara wakilan ma'aikata, waɗanda muke ce wa delege, an sanar da sufeton aiki, kuma kwana 15 kafin zaman a ba su dosiye mai ɗauke da dalilin ragin da ma'aunin zaɓe da jerin mutanen. Ma'aunin kuwa ƙwarewa da iya aiki ne, sai daɗewa.

Wajen iya aiki ban yarda da "ai kowa ya san halinsa" ba. Abin da ke rubuce kawai na ɗauka: ajin lasisi, haɗurran da aka tabbatar laifin direba ne, takardun gargaɗi. Wannan ya fitar da mutum huɗu ba gardama. Na biyar ne ya hana ni barci, don direbobi biyu sun yi kunnen doki, dole aka koma ga daɗewa.

Daɗewa a dokarmu ta wuce shekarun aiki zalla. Mai aure ana ƙara masa shekara ɗaya, kowane ɗa da ke wuyansa ma shekara ɗaya. Na farkon ya yi shekara 9, yana da mata da ɗa guda, ya tashi da 11. Na biyun shekararsa 6, yana da mata, kuma kowa a garaji ya san yara biyar ne a gidansa, wato 12. Na rubuta sunan mai shekara 9 a jerin tafiya. Abin da ya fi muni, da ya tsare ni a bakin masallaci bayan la'asar yana cewa, "Malam, don Allah kar ka ɓoye mini," sai tausayi ya sa na gaya masa.

Ranar zama, babban delege, dattijon makanike, ya ɗaga takardata ya ce, "Ɗana, yaran nan biyar a ina ka ƙidaya su?" Ashe biyu daga ciki ƴaƴan wansa ne da ya rasu, yana riƙonsu ba tare da wata takarda ba. Doka kuwa ɗan da ake ƙirgawa a kuɗin iyali take nufi, kuma uku ne a fayil ɗinsa na CNSS, hukumar da ke biyan ma'aikata kuɗin iyali. Lissafinsa ya sauko 10. Sufeto ya sa aka rubuta gyaran a takardar zama, jeri ya juya. Wanda ya yi mako biyu yana neman bashin komawa garinsu ya zauna, mai riƙon marayu ya tafi. Har yau ina ganin doka ta yi masa tsauri, amma da na bar lissafina, ɗayan zai ci mu a kotu, kuma da gaskiyarsa. Tun daga ranar, takardun CNSS nake fara nema kafin in taɓa alƙalami, kuma ba na furta suna sai an tashi daga zama.

Kuɗin sallama ma an ja. Kowa ya karɓi kuɗin wa'adin da ake ba ma'aikaci kafin ya bar aiki, don mun zaɓi biya maimakon a ci gaba da zuwa garaji ba lodi, da kuɗin hutun da bai ci ba, da albashin wata guda na musamman da doka ta tanada ga irin wannan sallama. Sai diyyar shekarun aiki, wadda kaso ce ta matsakaicin albashin wata 12 na ƙarshe a kan kowace shekara, kason yana hawa bayan shekara 5. Direbobi suka ce a haɗa da kuɗin hanya. Sufeto ya raba gardamar: ƙarin da ke zuwa kowane wata a takardar albashi yana shiga, kuɗin abinci da makwancin hanya ba ya shiga.

Mai riƙon marayu albashinsa jika 120 ne. Delege suka roƙi Alhaji, ya ƙara masa wata guda daga aljihunsa. Na ba shi takardar shaidar aiki, na rubuta lambar wayarsa da unguwarsa, don wanda aka sallama haka shi ke da fifiko har shekara biyu in gurbi irin nasa ya buɗe. Wata takwas bayan nan muka samu lodin albasa daga Galmi, kamyo ɗaya ya fito daga garaji, shi na fara kira.