Gwajin gangar gini kafin a zana ɗaki ko ɗaya

Ofishinmu na zanen gine-gine a Kano ƙarami ne, kuma mafi yawan aikin da ke shigo mana gidajen haya ne da shaguna da ƙananan makarantu, a filayen da ba su wuce ƙafa 100 a kan 100 ba. A irin wannan aiki mai fili yakan zo da adadi a baki, wato gidaje kaza ko shaguna kaza, yana kuma son ya ga zanen ɗakuna nan take. Mu kuwa ba ma zana ɗaki ko ɗaya sai mun yi gwajin gangar gini, wato mun gwada siffofi uku ko huɗu na ginin a dunƙule, ba taga ba ƙofa, domin mu ga yadda kowace za ta zauna a filin, inda inuwarta za ta faɗa, da abin da za ta bari na sarari. Dalilinmu shi ne, gangar da aka zaɓa ita ke yanke hukuncin zafi da iska da sirrin maƙwabta, kuma da zarar an zuba harsashi babu taga ko fenti da zai gyara ta.

Wani Alhaji ya kawo mana fili mai kusan mita 30 a kan 30, titi yana yammacinsa, gidan iyali yana arewa, dogon sito kuma yana kudu. Buƙatarsa gidajen haya shida, kowanne kimanin murabba'in mita 120. Lissafin farko a takarda ake yin sa. Shida sau 120 ya ba da 720, muka ƙara kashi 15 cikin ɗari saboda matattakala da hanyoyin wucewa, ya kama wajen 830. Daga nan muka cire tazarar da muka yi aiki da ita, mita 6 ta gaba da mita 3 a sauran ɓangarori uku, wadda dole a tabbatar da ita wurin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin a kai zane neman izini. Abin da ya rage na gini shi ne mita 24 daga kudu zuwa arewa, da mita 21 daga gabas zuwa yamma. Tambayar duka ita ce yadda za a zuba wannan 830 a cikin wannan sarari.

Da kwali muke fara amsa ta, a sikelin 1:200, inda mita ɗaya ke zama milimita 5. Filin gaba ɗaya ya koma santimita 15 a kan 15 a bisa allo, kowane hawa mai tsayin mita 3.3 kuma ya zama ɗan akwati mai kaurin milimita 16 da rabi. Kayan aikin su ne farin kwali, rula ta ƙarfe, wuƙar yanka mai kaifi, gam da fil. Abu biyu nake nanata wa yaran ofis. Na farko, a fara gina maƙwabta da katanga da titi kafin a taɓa ginin namu, domin ganga ita kaɗai a kan allo ba ta faɗin komai. Na biyu, kada a manne akwatunan da allon, a kafe su da fil kawai, saboda duk amfanin kwali yana cikin ɗaga shi da juya shi a gaban mai aikin. Ba ma yanka taga, ba ma shafa launi. Ranar da aka sa wa samfuri launi, hira takan koma kan fenti da tayil, a manta da tambayar da ta tara mu.

Siffa ta farko ita ce ƙasa da bene ɗaya a dunƙule, mita 24 a kan 17 da 'yan kai. Ita ce mafi sauƙin gini, amma kaurinta ya yi yawa, ɗakunan tsakiya ba za su sami taga ba, iska kuma ba za ta ratsa daga bango zuwa bango ba. Siffa ta biyu ita ce Alhaji ya fi so da aka fara maganar, wato gine-gine biyu masu fuskantar juna da tsakar gida a tsakaninsu. A takarda tana da kyau, amma da aka yanka kwalin, kowane gini ya ci kusan mita 8.6, sai tsakar gidan ta rage ƙasa da mita 4 tsakanin bango biyu masu tsayin mita 7. Alhaji ya sa yatsa a tsakaninsu, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ai wannan lungu ne." Ba mu ƙara magana a kanta ba. Saura siffa ta uku, ƙasa da bene biyu, gida biyu a kowane hawa, wadda ke cin murabba'in mita 277 kacal na ƙasa, ta bar sauran filin ga motoci da bishiyoyi.

Juya wannan siffa ta uku shi ne ainihin aikin. Kowane mai fili yana son ginin ya ba titi faɗin fuskarsa, kuma a nan titin yana yamma. Idan aka shimfiɗa ginin daga kudu zuwa arewa, bangon da ke kallon yamma zai kai mita 24 a tsawo da kusan mita 10 a tsayi, wato murabba'in mita 240 na bulo da tagogi da za su sha ranar la'asar. Idan aka juya shi ya kwanta daga gabas zuwa yamma, mita 21 a kan 13, bangon yamma ya ragu zuwa wajen 130, kuma ana iya ba shi matattakala da banɗakuna maimakon ɗakunan kwana. Muhimmancin wannan ya zo ne daga tafiyar rana a Kano, wadda ke kusan digiri 12 arewa da ikwaita. Da tsakar rana tana sama sosai, har ma tana bi ta saman kai a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, saboda haka ɗan fitar rufi ko baranda ya isa ya kare bangon kudu da na arewa. Da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu kuwa ta sauko ƙasa da digiri 40, tana dukan bangon yamma kai tsaye a lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi, kuma bulon zai riƙe zafin ya sake shi cikin ɗaki da dare. A kan kwali da tocila muke nuna wannan, mu riƙe ta ƙasa-ƙasa ta yamma, kowa ya ga bangon da haske ya cika.

Tocila tana gamsar da ido, amma ba ta ba da awo, kuma nan ne SketchUp, manhajar zana siffar gini a kwamfuta, ke shigowa. Ana zana kowace ganga da `Rectangle`, a ɗaga ta da `Push/Pull`, a mayar da ita `Group` nan take, domin siffofin da ba a killace ba suna manne wa juna, sai ka ja bango ɗaya ka ga ginin maƙwabci ya biyo shi. Kowace siffa tana samun `Tag` nata da `Scene` nata, yadda za a riƙa sauya su daga kusurwa ɗaya ba tare da an motsa kallo ba, faɗin kowane hawa kuma ana karanta shi a `Entity Info` a gwada da lissafin takarda. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne `Shadows`, wato saitin inuwa. Idan ba a saka wurin da filin yake ba, manhajar tana iya lissafa inuwar Boulder ta jihar Colorado, garin da aka ƙirƙiro ta, wanda ke digiri 40 arewa, inda inuwar tsakar rana a Disamba ke ninka tsayin gini sau biyu. Dole a saka Kano, a tabbatar agogo yana kan `UTC+01:00`, kuma arewar taswirar mai awon fili ta dace da koren layin da ke nuna arewa a manhajar. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in kai kwanan wata 21 ga Yuni da tsakar rana. A Kano inuwar gajera ce kuma kudu take faɗawa. Idan ta faɗa arewa, saitin bai yi daidai ba, kuma duk abin da aka karanta daga gare shi shirme ne.

Da saitin ya daidaita, sai tambaya ta gaba ta fito, wato ko ginin ya jingina da iyakar arewa ko ta kudu. A tsakiyar Disamba ranar tsaka tana wajen digiri 55, inuwa kuma tana kai kashi bakwai cikin goma na tsayin gini. Ginin namu da bangon saman rufi ya kai mita 11, inuwarsa kusan mita 8. A iyakar arewa, mita 5 na inuwar za su faɗa tsakar gidan maƙwabci a lokacin sanyin hunturu, sa'ad da mutane ke neman hantsi. A iyakar kudu kuwa inuwar tana faɗawa farfajiyarmu mai faɗin mita 14, a kan motocin masu haya, tagogin baya kuma suna kallon bangon sito, wanda ba ya da sirrin da za a keta.

Maganar sirri ita ce na fi ba muhimmanci, domin bene da ke leƙa tsakar gidan mutane yana haddasa gabar da ke daɗewa fiye da aikin ginin. A nan muna komawa kan kwali da zare. Idon mutumin da ke tsaye a hawa na sama yana wajen mita 8.2 daga ƙasa, sai mu kafe zare a wannan tsayi, mu ja shi ta kan katangar mita 2.4, mu ga inda ya taɓa ƙasa a gidan maƙwabci. Da ginin yana mita 3 daga katanga, zaren ya sauka ɗan fiye da mita ɗaya bayanta, ma'ana kusan duk tsakar gidan a buɗe take. Da aka ja ginin baya zuwa mita 14, ya sauka kusan mita 6 bayan katangar. An samu sauƙi, amma matsalar ba ta kau ba, shi ya sa tun a wannan mataki muka rubuta cewa barandar hawa na sama za ta sami bulo mai huji har sama da tsayin ido, a kuma dasa jerin dogon yaro a bakin katangar arewa.

Gwajin ganga yana da iyakarsa, kuma muna faɗa wa mai aiki ita a fili. Ba ya auna iska, sai dai ya nuna kaurin gini da inda aka bar mata hanya. Ba ya faɗin ko ƙasar za ta ɗauki hawa uku, wannan sai an yi gwajin ƙasa injiniya ya yi lissafin ginshiƙai da harsashi, kuma kuɗin rodi da dakin na ƙarin hawa yana iya sa mai fili ya sake tunani. Haka kuma akwatin da ya cika murabba'in mita 277 bai tabbatar da cewa gidaje biyu masu kyau za su shiga cikinsa ba. Saboda haka kafin Alhaji ya sa hannu a kan siffar da ta kwanta gabas zuwa yamma a iyakar kudu, sai da muka zana hawa ɗaya da fensir a sikelin 1:100, muka tabbatar kowane ɗakin kwana ya sami taga ta kudu ko ta arewa, sannan muka aika wa injiniya girman gangar domin ya fara nasa lissafin.