Inda na kai a koyon gwada mai karɓar kuɗi kafin a ba shi durowa

'Yan'uwa masu koyon riƙon kanti, ga abin da na ƙaru da shi a 'yan kwanakin nan. Kawu ya bar mini ɗaukar wanda zai zauna a kan durowar kuɗi a kantinmu na kayan masarufi da ke Kano, sai na ga ya dace in faɗa muku yadda na tsara tambayoyi da ranar gwaji, ko wani ya amfana.

Na daina tambayar mutum ko yana da amana, domin babu mai neman aikin da zai ce ba shi da ita. Abin da nake yi yanzu shi ne in kawo masa lamari irin wanda yake faruwa a kanti, in saurari abin da zai yi da hannunsa. Nakan ce: ƙanina ya shigo ba na nan, ya ce in ji ni a ba shi Naira 5,000 daga durowa, yaya za ka yi? Wanda ya ce zai ba shi saboda ɗan gida ne, ba lallai mugu ba ne, amma ta irin wannan hanyar kuɗin kanti suke zirarewa ba tare da an san inda suka bi ba. Amsar da nake jira ita ce zai kira ni, idan na amince ya rubuta a littafi, ƙanin nawa ya sa hannu. Sai tambaya ta biyu, wadda na fi ba muhimmanci: ba ni labarin wata rana da lissafi ya taɓa ƙin daidaita a hannunka. Duk wanda ya riƙe kuɗin ciniki na tsawon lokaci ya taɓa samun giɓi, ko da na ɗari biyu ne. Mai cewa shi bai taɓa ba, ko dai bai yi aikin ba, ko kuwa ya saba cike ramin a ɓoye, kuma dukansu biyun ina bukatar in sani tun wuri.

Gwajin canji kuwa a nan take nake yin sa, da kuɗi na gaske a kan teburi. Kaya sun kama 3,650, kwastoma ya ba da 4,000, canji 350 ke nan, kusan kowa yana samun wannan. Ana cikin ƙirga canjin sai in ce, "Tsaya, ga ɗari da hamsin, ba ni ɗari biyar gaba ɗaya." A nan ake rabuwa. Wanda ya iya zai gane cewa yanzu 4,150 ke hannunsa, ya mayar da 350 ɗin durowa, ya miƙo 500 guda. Wanda bai saba ba yakan ba da 500 ɗin ya bar 350 a gaban kwastoma, kuma da irin wannan ruɗani ne masu wayo suke cutar masu kanti a lokacin cunkoso. Ina kuma duba ko yana ajiye kuɗin kwastoma a waje har sai ya gama ba da canji, don kada gardama ta tashi kan nawa aka ba shi.

Matashiyar da ta kai matakin gwaji na faɗa mata tun da safe cewa za a biya ta kuɗin yinin ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba, kuma akwai abubuwan da zan gwada ta da su ba tare da na sanar da ita lokacinsu ba. Ina ganin wannan hakkinta ne. Sai na miƙa mata kuɗin fara ciniki na ce 20,000 ne, alhali na sa 21,000. Abu biyu nake nema a nan: za ta ƙirga kafin ta karɓa, kuma idan ta ga rara za ta yi magana? Ta jera su ɗari biyu-biyu, ɗari biyar-biyar, dubu-dubu, ta maimaita ƙirgar, sannan ta ce, "Malam, akwai dubu ɗaya a kai." Muka rubuta 21,000, mu biyu muka sa hannu. Ku lura, wanda bai ƙirga ba kada a kira shi ɓarawo. Sakaci ne, kuma ana iya gyara shi da koyarwa. Wanda ya ƙirga, ya gani, ya yi shiru, shi ne abin tsoro.

Da rana na turo wani abokina da ba ta sani ba. Ya ɗebi kaya, ya nuna mata wayarsa cewa ya yi taransifa, yana ta gaggawa wai mai adaidaita sahu na jiransa. Ba ta yi masa tsawa ba, ba ta kuma sake shi da kayan ba. Cewa ta yi, "Yi haƙuri, Alhaji, bari su shigo tukuna." Wannan shi ne daidai, domin hoton rasit a wayar kwastoma ba hujja ba ce, har ma saƙon alat ana yin na bogi. Hujja ita ce kuɗin su bayyana a asusun kanti. Haka ma na'urar karɓar kati: idan takarda ta fito da DECLINED, kaya ba sa fita ko da kwastoma ya nuna an cire masa kuɗi, wannan tsakaninsa da bankinsa ne, sai dai a ba shi takardar cikin mutunci ya je da ita. APPROVED kaɗai ake ajiyewa a matsayin ciniki.

Rufe lissafi da yamma shi ne inda na fi koyon abu. Littafi ya nuna cinikin 86,400: na kati 31,500, na taransifa 18,200, bashin wani tsohon kwastoma da na amince da shi 4,000, saura 32,700 kuɗi hannu. An fitar da 2,500 na man janareta, kuma ta rubuta. To abin da ya kamata a samu a durowa shi ne 21,000 a haɗa da 32,700 a cire 2,500, wato 51,200. Da ta ƙirga sai aka samu 50,700. Giɓin 500.

Na yi shiru ina kallonta, don wannan giɓin ba ni na shirya shi ba. Ba ta sa hannu a jaka ta cike ba, ba ta kuma fara rantsuwa ba. Takardun na'urar kati ta ɗauko ta haɗa jimillarsu, sai ga 32,000 maimakon 31,500. Ashe wani cinikin ɗari biyar da aka biya da kati ta rubuta shi a layin kuɗi hannu. Kuɗin kanti ba su ɓata ba, layi ne ya sauya. Daga nan na gane cewa duk lokacin da durowa ta gaza, kafin a zargi kowa a fara gwada takardun kati da alat da abin da ke littafi. Idan giɓin durowa ya yi daidai da rarar da ke wancan ɓangaren, kuskuren rubutu ne.

Yini ɗaya dai ba ya tabbatar da amana, musamman ga wanda ya san ana kallonsa. Abin da yake nunawa shi ne saurin hannu, natsuwa a gaban mai gaggawa, da yadda mutum yake yi idan lissafi ya rikice. Don haka mun ɗauke ta na wata guda tukuna, yayanta ya zo ya tsaya mata a gaban Kawu, kuma na faɗa mata zan riƙa ƙirga durowa da tsakar rana ba tare da sanarwa ba. Abin da ya rage mini in tsara shi ne gwajin gane jabun takardar dubu ɗaya da daddare, lokacin da hasken kanti ya yi rauni. Wanda a cikinku ya saba da wannan, ina so in ji yadda yake koyar da sabon yaro.