Kafshan ɗin masar Yaya: hashtag nawa na bari, a ina na sa su

Yayata tana yin masa da miyar taushe a Fadaman Mada nan Bauchi, tana karɓar odar suna da walima, ni ne mai duba mata kafshan kafin ta ɗora a Instagram. Ranan ta turo min wani da ta rubuta, hoton masa a kula gwanin sha'awa, amma layin farko hashtag ne zalla, sun haura ashirin, kwafo su ta yi daga shafin wata mai kayan kwalliya. Akwai #love akwai #viral akwai #explorepage har da #lagosvendors, sai can ƙasa za ka ga farashi da yadda ake oda.

Na ce Yaya wa zai ci masar nan a Legas? Ta ce ai an ce in ka zuba da yawa an fi ganinka. To a da, shekaru da dama Instagram tana barin mutum ya sa har 30, shi ya sa mutane suka ɗauka dole ne a cike, amma tun 2021 su kansu a shafinsu na @creators suka ba da shawarar 3 zuwa 5, kuma a Disambar 2024 suka cire damar bin hashtag gaba ɗaya. Abin da ya rage wa hashtag yanzu shi ne ya gaya wa manhajar me fostin ɗinka ya ƙunsa, ya kuma taimaki mai bincike ya same ka.

Don haka kowanne sai na tambaye shi abu ɗaya, wanda zai rubuta wannan a wurin bincike zai iya sayen masar Yaya kuwa? Masa ba atamfa ba ce da za a ba direba a tasha ya kai Kano, da zafinta ake so, kwastoma sai wanda ke Yelwa ko Wunti ko dai inda mai mashin zai kai kafin ta huce. Nan take #love da #viral suka fita, fostin da ke ƙarƙashinsu miliyoyi ne, kana ɗorawa an binne ka, in ma an samu layik to na waɗanda ba su san Bauchi ba ne, wasu ma shafukan bogi ne masu cewa turo mana hotonka mu tallata maka. In ka fara ganin irin wannan kwament ɗin minti biyu da ɗorawa, manyan hashtag ɗin nan ne suka kira su.

Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya, na danna na ga me ke ciki, wannan ne ya fi cin lokaci amma shi ne aikin. #masa da ba a haɗa shi da komai ba na cire shi, in ka shiga abincin ƙasashen waje ne da rubutun wasu yaruka, tamu sai ka tona. Ta rubuta #sana'a, shi kuma alamar nan ta tsakiya tana yanke shi, #sana kawai ke zama shuɗi, ragowar ya koma rubutu. Haka in ka bar tazara, #masar Bauchi zai tsaya a #masar, ka koma tallan ƙasar Masar. Masu ƙugiya kuma irin ƙ da ɗ, manhaja tana ɗaukar #ƙosai daban da #kosai, kuma yawancin mutane mara ƙugiyar suke bugawa a waya, a jikin kafshan ina rubuta daidai amma a hashtag ina bin hannun masu nema.

Guda huɗu suka tsira, biyu na gari, ɗaya na kalar abinci, ɗaya nata na kanta da take sawa a duk fostin don kwastoma ya danna ya ga tsofaffin ayyukanta:

```
#Bauchi #MasarBauchi #AbincinHausa
```

na huɗun sunan shafinta ne. Manyan baƙaƙen ba sa canja komai wurin bincike, don ido ne kawai, an fi saurin karantawa.

Wurin ajiyewa kuwa ba mu ja ba. Instagram tana nuna kusan baƙaƙe 125 na farko ne sai ta sa more, kuma ba kowa ke dannawa ba, to wannan ɗan filin na abin da zai kawo oda ne. Na fara da "Masa da miyar taushe a Bauchi, ana odar suna da walima, a yi magana kwana ɗaya kafin", kalmar masa da Bauchi suna cikin jimlar kanta don bincike yana karanta kafshan ma. Farashi ya biyo, sai na bar layi ɗaya fanko, hashtag ɗin suka zauna a ƙasa a jere. Ban cusa su tsakiyar magana ba, rubutu yana baƙi yana shuɗi yana gajiyar da ido, wani ma ya danna ya tafi bai kai ga farashi ba.

Wata ƙawarta ta ce a kwament na farko ake sawa don kafshan ya yi tsabta. Wannan dabarar ta lokacin da ake jibga 30 ce, guda huɗu ba sa ɓata komai, kuma Yaya in ta ɗora ta koma gaban tanda sai ta manta da kwament ɗin. Da za ta kwafa zuwa sitatus na WhatsApp na ce ta goge layin ƙasan duka, can ba ya dannuwa, ta sa lambar da ake kira a wurinsa.