Ƙurar hunturu da sabulun da ya ƙone mini dashen lemu

A hunturun da ya wuce ina da dashen lemun aure guda 120 a cikin leda, na jera su a bayan gida kusa da hanyar da babura da kekunan shanu ke bi, a wani gari da ke wajen Zariya. Wata bakwai na yi ina renon su, kuma na riga na yi alkawarin sayar da rabinsu da zarar damina ta kusa. Da iskar arewa maso gabas ta kankama a ƙarshen Disamba, hazo ya sauka kamar yadda ya saba, irin ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ƙurar hanya kuma ta ƙaru a kanta. Cikin mako biyu ganyen da na sani kore shar yana ƙyalli ya koma ruwan toka, har idan na ja yatsa a kansa sai layi ya fito kamar an yi rubutu a kan allo.

Na san ƙura tana cutar da shuka, domin tana tare hasken da ganye ke sarrafa abinci da shi, tana sa ganyen ya ɗauki zafi fiye da ƙima, kuma mai laushin cikinta tana iya toshe ƙananan ƙofofin numfashi, waɗanda a jikin lemu suke a bayan ganye. Da farko na ɗauki butar ban-ruwa na yayyafa musu sama-sama, sai na ga abin ya ƙara lalacewa, saboda ruwa kaɗan ba ya wanke ƙura, kwaɓa ta yake yi. Da ganyen ya bushe sai ƙurar ta daskare ta zama ɓawo mai ɗigo-ɗigo, wanda iska ma ba ta iya kaɗe shi. A nan ne na yanke shawarar da har yau take ci mini rai. Na ɗebi garin sabulun wanki cikin tafin hannu biyu na zuba a injin feshi na goyo mai cin lita 16, na fesa wa layuka uku na farko, wato dashe 60, bayan sallar azahar, rana tana tsaka. Ban ɗauraye ba, don a tunanina barin kumfar zai sa dattin ya ƙara saki.

Da la'asar ganyen ya yi kyau ƙwarai, har na yi niyyar gama sauran washegari, amma wata tafiya ta hana ni. Da na dawo bayan kwana uku na tarar gefen ganyayyakin ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, sabon tohon ya yanƙwane ya rataya, wasu ganyen kuma suna zuba da an taɓa reshe. Layukan da ban fesa ba suna nan da ƙurarsu, sun yi fari fat, amma a miƙe suke. Wato ƙurar da na tsorata da ita ba ta yi ɓarnar da hannuna ya yi a yini ɗaya ba.

Wani dattijo mai lambu a bakin rafi, wanda tun ina yaro nake ganinsa da lemu da mangwaro, shi ya zo ya duba. Ya murza ganye ɗaya, ya sansana yatsunsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai wanki ka yi musu." Na ce, "Baba, ƙura nake son cirewa." Ya ce ƙyallin da nake gani a ganyen lemu wani maiƙo ne kamar kakin zuma, shi ke riƙe wa ganyen ruwansa, sabulun wanki kuwa don cire maiƙo aka yi shi. Daga nan na gane sauran da kaina. Na tuɓe wa ganyen rigarsa a lokacin da iska ta fi bushewa a duk shekara, lokacin da leɓen mutum ma ke tsagewa, sannan na bar sinadarin ya bushe a kansa cikin rana, ragowar kuma ta gangara cikin ledar ta sami saiwa. A cikin 60 ɗin nan, 23 sun mutu tun daga inda aka yi auren, sauran sun farfaɗo amma sun koma baya har ban iya sayar da su a wannan damina ba.

Baba ya nuna mini wani abu kuma a layukan da suka tsira. Wasu ganyen sun yi ɗigon rawaya ƙanana kamar an tsattsaga su da allura, ni kuwa duk na ɗora wa ƙura laifin. Ya sa na kawo farar takarda, ya riƙe ta ƙarƙashin reshe ya ɗan buga, sai ga ƙananan ɗigo suna tafiya a hankali a tsakanin ƙwayoyin ƙurar. Ƙananan gizo-gizon ganye ne masu tsotse ruwan shuka, waɗanda ke yaɗuwa sosai a inda aka sami bushewa da ƙura, kuma a bayan ganye suke zama. Duk wankin da na yi a saman ganye, har da na sabulun, bai kai inda suke ba.

Sauran dashen da ruwa zalla na wanke su, kuma haka nake yi har yanzu. Ina fitowa bayan gari ya waye, sanyi ya ɗan sassauta amma rana ba ta yi zafi ba, in juya bakin feshin sama in fara da bayan ganye, sannan in dawo samansa, in ci gaba har sai ruwan da ke ɗiga ya daina fitowa da launin ƙasa. Wannan ita ce alamar da nake bi, domin idan aka tsaya kafin nan kwaɓi kawai aka yi. Injin lita 16 yana isar dashe kusan 30 masu tsawon gwiwa, kuma sau ɗaya a mako ya wadatar, sai dai idan hazo ya yi nauyi in ƙara na biyu. Na ware injin da bai taɓa ganin maganin ciyawa ba don wannan aiki kaɗai. Inda ɓawon ya riga ya kama, sai in jiƙa shi in jira kamar minti biyar ya yi laushi, in tallafi ganyen da tafin hannu in goge da tsumma mai laushi, ba na goge busasshiyar ƙura domin tana kankare fatar ganyen kamar yashi. Tumatirin da ke gefe ba na yi masa wannan wanka, saboda ganyensa mai gashi ne kuma jiƙa shi yana jawo cuta, haka ma mangwaron tsakar gida na bar shi da ƙurarsa tunda yana cikin fure.

Abin da ya fi rage mini aiki shi ne zanar da na kafa ta gefen arewa da gabas, tsakanin dashen da hanya, wadda tsawonta ya zarce dashen sosai, tare da busasshiyar ciyawa da na shimfiɗa tsakanin layuka don kada ƙasar wurin ta riƙa tashi. Hazon sama ba a iya tare shi, amma ƙurar hanya, wadda ita ce mai nauyi, ta ragu har ana gani da ido. Da ma a farkon Disamba na kafa zanar nan, domin kuɗinta bai kai na dashe biyar ba. Ledoji 23 ɗin da suka mutu na juye ƙasarsu a waje, ban sake shuka komai a cikinta ba, domin ko da na jiƙa ta bayan mako biyu sai da ta yi kumfa.