Lambar da Aka Liƙa a Bango

A ƙarshen watan nan zan bar shagon POS ɗin da nake aiki a Samaru, Zariya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na gani a wurin shi ne maganar lambar kula da abokan hulɗa da maigidanmu ya liƙa a bango. Ya samo ta ne ta hanyar rubuta sunan bankin a Google, ya kwafi wadda ta fara fitowa, ya umarce mu da mu riƙa nuna ta ga duk wanda aka cire wa kuɗi na'ura ba ta biya ba. Na faɗa masa tun a lokacin cewa ba ta yi daidai da wadda ke bayan kati ba, ya ce yaro ba ya koya wa babba sana'arsa.

Wani dattijo ɗan fansho daga Tudun Wada ya zo cirar naira dubu 40, asusunsa ya nuna an cire, takardar na'urarmu kuwa ta nuna cinikin bai shiga ba. Ya kira lambar bangon, aka ɗauka nan take, wanda ya ɗauka ya yi masa magana cikin ladabi, har ya koma Hausa da ya ji Turanci yana ba Baba wahala. Ya nemi lambobin da ke gaban katin, da ranar ƙarewar wa'adinsa, da lambobi 3 na baya, sannan ya ce saƙo zai shigo, a karanto masa domin kuɗin su dawo. Baba ya karanto, kuma kafin ya kai Kwangila an kwashe abin da ya rage a asusun.

Abubuwa ukun da aka fara tambayarsa su ne ainihin abin da ake buƙata domin yin sayayya da kati ta intanet, lambar OTP da ta zo cikin saƙon kuwa ita ce shaidar cewa mai katin ya amince a fitar da kuɗin. Mayar da kuɗin da suka maƙale ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Abin da banki ke nema shi ne lambar asusu, da ranar cinikin, da adadin kuɗin, da lambar shaida da ke jikin takardar na'ura. Tun shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 domin warware irin wannan matsala ta POS, kuma sau da yawa kuɗin kan koma da kansu ba tare da an kira kowa ba. Da Baba ya haƙura ya riƙe takardarsa, da babu abin da ya same shi.

Dalilin da ya sa lambar bogi kan hau sama shi ne, wurin farko a sakamakon bincike sau da yawa talla ne da aka biya, wanda ake gane shi da kalmar Sponsored, kuma bayanan kamfani a taswirar Google mutane na iya ba da shawarar a sauya su. Haka kuma 'yan damfara kan buɗe shafi a Facebook da tambarin banki, su jira wanda ya rubuta ƙorafi, su aiko masa da lambar WhatsApp. Saboda haka lambar da na amince da ita kawai ita ce wadda ta fito daga hannun kamfanin kansa: wadda ke bayan kati, ko cikin manhajar bankin, ko a takardar da aka karɓa a reshe, kamar waɗanda ke PZ a Sabon Gari. Ga layukan waya abin ya fi sauƙi, domin tun 2023 lambar 300 ce ke kai mutum sashen kula da abokan hulɗa a kowane layi, idan kuma ba a biya masa buƙata ba ya kira 622 ta hukumar sadarwa kyauta.

Sauran darussan gajeru ne. Idan an kira ka da sunan banki, ka kashe ka kira lambar bayan kati da kanka. Idan ka riga ka ba da bayanai, ka toshe katin kafin ka fara neman wanda za ka kai wa ƙara. Idan banki ya yi mako 2 bai warware ƙorafinka ba, kana da damar kai shi sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Da 'ya'yan dattijon suka zo, maigida ya ce ni ne ban sa ido a kan wayar da ake yi a gabana ba, ya cire wani abu daga albashina domin ya ba su haƙuri, alhali ina hidimar wasu mutane a lokacin. Takardar bangon ni na yage ta da hannuna, na kuma koya wa yaran da za su ci gaba da aikin cewa duk wanda ya tambayi lambar banki su ce masa ya juya katinsa. Har yau maigida bai taɓa ambaton inda ya samo lambar ba.