Wasiƙa ba ta gyaruwa a hannu goma

Sana'ata buga takardu ce. Shagon ƙarami ne, kwamfuta biyu da firinta da injin hoton takarda, sai yaro ɗaya da ke taya ni. Mutane suna ɗauka aikinmu shi ne danna madannai kawai, amma rabin abin da nake yi a wuni gyaran wasiƙun mutane ne: neman aiki, koke zuwa ofis, neman tallafi, sanarwar taro. Bugun kansa minti goma ne. Abin da ke cin lokaci, ya kuma ci zumunci idan ba a yi hattara ba, shi ne yadda za ka gaya wa mutum cewa wasiƙar da ya kwana yana tsarawa ba za ta yi masa aiki ba, da yadda za ka riƙe lissafin gyare-gyare har a kai ga sa hannu.

Misalin da na fi koya wa yarona da shi, wasiƙar wata ƙungiyar unguwa ce zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan rijiyar burtsatse da ta daina ba da ruwa. Sakatarensu, dattijo ne tsohon malamin makaranta, ya kawo ta rubuce da hannu, shafi ɗaya da rabi. Rubutu mai kyau, Hausa tsab. Sakin layi na farko gaisuwa, na biyu yabo da addu'a, na uku tarihin unguwar. Sai a na huɗu aka ce "muna roƙon a taimaka mana da ruwa."

Ban taɓa biro ba tukuna. Na ce, "Malam, idan Ciyaman ya karanta wannan, me kuke so ya yi da hannunsa?" Ya ce a gyara musu burtsatse mana. Na ce mene ne ya lalace a jikinta? Ashe injin da ke turo ruwa daga ƙasa ne ya ƙone, tanki da bututu lafiyarsu ƙalau, har ma sun kira mai gyara ya rubuta musu kuɗin aikin. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a wasiƙar. Wanda ya karanta "a taimaka mana da ruwa" zai ɗauka sabuwar rijiya ake nema, aikin da sai an sa a kasafi, sai ya ajiye takardar a gefe. Canjin inji kuwa abu ne da za a iya amincewa da shi a zama ɗaya.

Shi ya sa gyara yake da jeri a wurina. Farko manufa, sai gaskiyar bayanai kamar suna da muƙami da kwanan wata da adadin kuɗi, sai tsari, sai lafazi. Kuskuren harafi da waƙafi su ne na ƙarshe. Mai gyaran da ya fara da waƙafi yana ɓata wa kansa lokaci, domin jimlar da ya wanke tas wataƙila cire ta za a yi gaba ɗaya.

Yadda ake faɗa ma aiki ne. "Wasiƙar ta yi tsawo" ba gyara ba ne, hukunci ne, kuma mai ita ba zai san inda zai sa almakashi ba. Abin da na ce wa Malam shi ne, "Wanda zai fara buɗe wannan ba Ciyaman ba ne, magatakarda ne mai tulin takardu a gabansa. Idan bai ga buƙatarku a kanun wasiƙa da layuka uku na farko ba, ba zai san ofishin da zai tura ta ba." Na nuna wurin da yatsa, na faɗi abin da zai faru ga mai karatu, sannan na bar masa zaɓi. Yabon kuwa ban ce a share ba. Ya fi ni sanin mutanen da yake rubuta wa, kuma wasiƙar da ta shiga gaban manya babu sallama ita ma tana da nata laifin. Mun mayar da shi jimla biyu.

Karɓar gyara ya fi ba da shi wuya. Da yawa da ka nuna musu wuri sai su fara, "Ai abin da nake nufi shi ne..." Nakan ce, "Alhaji, ranar da za a karanta ba ka wurin, abin da ka faɗa mini yanzu shi za mu rubuta." Ba kuma kowane gyara ake ɗauka ba. Idan aka ce maka adadi ba daidai ba ne, babu musu, a duba takardar mai gyaran inji. Idan aka ce an kasa gane wata jimla, to lallai akwai matsala a wurin, ko da maganin da aka kawo bai yi ba. Idan kuwa mutum ya ce shi da "muna roƙo" ya fi son "muna neman alfarma", wannan ɗanɗano ne, mai sa hannu ke yanke shi.

Rikicin gaske yana farawa ne bayan an buga. Sakatare ya tura wa ’yan kwamiti ta WhatsApp, shugaba ya gyara tasa, ma'aji ya canza adadi a tasa, wani ya aiko da saƙon murya. Kwana biyu sai ga fayil huɗu, duk suna ɗaya, wani da (1) a wutsiya, wani an rubuta masa `final`. Dokar shagona ita ce uwar takarda ɗaya ce, a kwamfutata take, kuma mutum ɗaya ne daga ƙungiya ke kawo mini gyara bayan sun daidaita a tsakaninsu. Abin da ke fita wurin kwamiti PDF ne, a karanta a yi magana, ba a taɓa ba.

Kowane zagaye ina yin `Save As` da sabon suna, ba na danne tsohon:

```
2024-03-04_burtsatse_v1.docx
2024-03-06_burtsatse_v2.docx
2024-03-09_burtsatse_v3.docx
```

Shekara a gaba, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu. Lambar zagayen nan kuma ina sa ta a ƙasan shafin da na buga, saboda idan mutum ya dawo da takarda mai jan biro in san wacce ya gyara. Tsohon fayil yana da rana: a zagaye na uku shugaba ya ce a dawo da maganar makarantar islamiyya da ke ɗibar ruwa a wurin, wadda aka cire tun farko. Daga na ɗaya na kwafo ta yadda Malam ya rubuta.

A cikin Word ina kunna `Track Changes`, don mai wasiƙa ya ga abin da na cire da abin da na ƙara. Idan wani ya karya doka ya aiko da nasa fayil, `Compare` da ke ƙarƙashin `Review` zai nuna mini inda ya bambanta da nawa. Akwai tarko ɗaya da nake jan kunnen yarona a kai: zaɓen `No Markup` ɓoye gyaran kawai yake yi, ba ya share shi. Ka tura fayil ɗin haka, wanda ya buɗe zai iya ganin duk abin da aka goge, har da zafafan kalmomin da aka sauke. Sai an danna `Accept All Changes`, an share bayanan gefe, sannan a fitar da PDF.

Kafin bugu na ƙarshe nakan sa mai wasiƙa ya karanta da ƙarfi, ni kuma ina bin adadi da sunaye da takardar mai gyaran inji a hannuna. Wasiƙar burtsatse ta koma shafi ɗaya: kanu mai faɗin gyaran inji ake nema, wurin da rijiyar take, ranar da ta tsaya, kuɗin aikin da takardarsa a maƙale, abin da unguwa ta riga ta tara, da lambar wanda za a kira. Na cire lambar zagaye daga ƙasan shafi, na buga kwafi biyu, ɗaya a miƙa, ɗaya a buga masa hatimin karɓa a dawo da shi, na ƙara `an-sa-hannu` a sunan fayil.