Ranar da caja 11 suka ƙone min lokaci ɗaya

Shekara ta uku kenan ina sana'ar cajin waya, kuma wallahi sai da na yi asara na gane ashe ɗauke wuta ba shi ne abin tsoro ba, dawowarta ce. Da can in an kawo wuta murna kawai nake, komai a jone, tunda dai na sayi sitabilaiza ai na ɗauka na gama.

Ranar da abin ya faru wajen la'asar ne, aka kawo wuta sai naga ƙwan shagona yayi wani irin haske fau kamar rana, na maƙocina mai ɗinki kuwa ja-ja kamar zai mutu, kafin in miƙe sai tas tas tas, warin ƙonannen roba ya cika shago. Caja 11, har da na laftof ɗin wani ɗalibi da sai da na biya shi.

Mai gyaran wutan da na kira shi ya fahimtar da ni. Yace wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta tsinke a kan fol, in ta tsinke kuma wutar da ya kamata ta tsaya wajen bolt 230 sai ta rinjayi gefe ɗaya, wasu gidajen ta ragu, wasu ta doshi 400. Ya ɗauki caja ɗaya ya nuna min rubutun jikinta, 100-240V, ya fasa ta, ga kafasito, ɗan abin nan mai tara wuta a cikinta, ya kumbura ya fashe ta sama. Wato caja bata damu da ƙarancin wuta sosai ba, ko 150 aka kawo tana caji abinta, yawan ne ke kashe ta. Sitabilaizar da nake taƙama da ita kuwa akwai iyakar abinda take iya saukewa, in an wuce nan ita ma ta kanta take yi. Ko irin soket ɗin nan mai kariya, tartsatsin lokaci ɗaya yake shanyewa, wutar da ta hau ta zauna ƙona shi take.

Yanzu abinda na sa a gaban layin soket ɗina shi ne ɗan abin kariyar nan da ake kira gad, mai nuna lambar ƙarfin wuta, irin wanda ake saita shi. Na saita in wuta ta haura 250 ya yanke, in an kawo kuma ya jira minti 3 kafin ya saki. Kwastoma na ta mita wai ga wuta amma ba caji, nace Alhaji ayi haƙuri dai.

Janareta ma na canza hali, sai na tada shi ya daidaita sannan in juya layi, in zan kashe kuma in fara cire kaya. Bana barin mai ya ƙare yana aiki, wannan shaƙewar da yake yana hawa yana sauka ita ma tana cin caja.

Wayar da batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi kuwa bana karɓa, ko ta ɗan uwana ce.